Layi na Shida a Jadawalinmu

Shekarar da na bar aikin malamin gona a Batsari, na zuba kuɗin sallamata kaf a wani shago a Safana. Shirina shi ne in riƙa sayen madara a rugagen Babban Duhu, in sanyaya ta, in kai Katsina wa masu yin yogot. Shago ya kammalu, kuɗi suka ƙare, ko firij ban saya ba. Idan damina ta faɗi ban fara ba, sai dai in sayar da shagon a wulaƙance.

Abokin aikina surukina ne, mahaifin maiɗakina, Bafulatani dattijo da muke kira Baffa. Shi ne zai tara mini masu nono, don maganarsa ake ji a rugagen. Ni kuwa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Haka muka taso.

Aka haɗa ni da wata Hajiya mai kamfanin yogot a Katsina, ta ce za ta iya zuba jari a ba ta kaso cikin kasuwancin. Sai dai in kawo takardar neman jari, a ciki da jadawalin yadda za a kashe kuɗin: kowane abu da layinsa, da kuɗinsa, da kasonsa cikin jimla, da abin da zai haifar.

Na zauna na tsara. Firij da sola, na karɓo farashi a rubuce daga shaguna biyu. Babur mai ƙafa uku. Garewanin ƙarfe na ɗaukar madara. Kuɗin juyawa na wata uku, don matan ruga ba sa sayar da nono sai kuɗi a hannu. Albashina da na direba. Layi biyar ke nan, jimla ta fita tsaf.

Na je gaida Baffa, na durƙusa daga bakin zaure na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya faɗi wani adadi, ya ce a ƙara.

Na ce, "To, Baffa." Na ɗan jira.

Ya ce, "Na shanu ne."

Shi ke nan fa! Adadin nan kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na duk abin da muke nema. Na shanu kamar yaya? Shanun wa? Amma ina ni ina tsare surukina da tambaya a kan kuɗi? Na yi sallama na hau babur, zuciyata tana ta saƙe-saƙe.

Ba zan ɓoye ba, mugun zato na yi. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki, da mutanen daji, da ƙauyukan da ake ɗora wa haraji kafin a bar su su yi noma. Na ce ko kuɗin lallashi ne za a miƙa can don a bar babur ɗinmu ya wuce. Wata zuciyar ta ce a'a, tsoho dai ya ga banza, yana son mayar da shanun da aka kore masa. Na tambayi maiɗakina a kaikaice, ta watsa mini wani kallo, ta ce, "Kai da Baffanka, ni mene ne nawa?" Da na zo rubuta layi na shida, na rasa sunan da zan ba shi, sai na sa "Sauran abubuwa".

Ranar ganawa muka tafi tare da Baffa. Ya ƙi shiga ofis, ya ce zai zauna a benci a waje. Na kwana uku ina haddace bayanin da ke shafukan farko, amma Hajiya ko kallonsu ba ta yi ba. Ta buɗe jadawalin kai tsaye, ta sa akawunta ya tara layukan ya ga ko sun yi daidai da abin da na nema. Sun yi. Ta ɗauki waya a gabana ta kira wani mai sayar da sola ta tambayi farashi. Raina ya sosu. Wato ɓarawo ta ɗauke ni?

Ta ce, "Firij ɗinka daidai ne. Albashin da ka sa wa kanka ma na ji daɗin ganinsa, don wanda bai rubuta ba a jari yake ci." Sai ta ɗora biro a layi na shida. "Wannan fa?"

Na ce, "Ƙananan hidimomi ne, Hajiya."

"Ƙananan hidimomi sun fi babur tsada? Malam, in ka ware ɗan abu kaɗan don abin da ba a zata ba, ka kira shi da sunansa, ba zan yi magana ba. Amma kashi ɗaya cikin biyar babu suna, daga Safana? Ko tsohon bashi za ka biya da kuɗina, ko daji za su shiga. Wanne ne?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Surukina ne ya faɗi adadin."

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Surukina ne fa, Hajiya."

Ta ajiye biron. "Wannan ya fi damuna a kan kuɗin. Tun ba su shigo ba ka kasa tambayar layi ɗaya, in sun shigo wa zai tambaya?" Ta sa aka kira Baffa.

Ya shigo ya ƙi kujera, ya zauna a kafet. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ni kuwa kamar in nutse. Ta tambaye shi kai tsaye.

Baffa ya yi mamakin tambayar. Ya ce ai da rani garke kudu yake tafiya neman ciyawa, nono ya ƙafe. In ana son madara shekara duka, sai kowane gida ya bar shanun tatsa biyu ko uku a baya, a ciyar da su dusa da ƙuli-ƙulin auduga da harawa. Da kaka ake saye, lokacin da suke da araha. Ya lissafa buhuna da yatsunsa, gida-gida, wata-wata, akawu yana bin sa da na'urar lissafi. Adadin ya fito kusan daidai.

Hajiya ta dube ni. "Layin da zai hana firij ɗinka zama fanko rabin shekara, shi ka ɓoye? Da ka rubuta abincin shanun tatsa na rani, buhu kaza, lita kaza a rana, da shi zan fara yabawa." Ta juya wajen Baffa tana dariya. "Baba, ka yafe mini, na zata na mutanen daji ne."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke baƙuwa ce, ba ki san ni ba." Ya ɗan karkato inda nake, bai dube ni ba. "Malam, me ka rubuta a wurin?"

Akawu, Allah ya shirye shi, ya karanta masa da ƙarfi.

Baffa ya ce, "Na ce maka na shanu ne."

Na gyara jadawalin a makon. Hajiya ta amince, amma kashi-kashi: na firij da babur da farko, na abincin shanu sai kaka, bayan ta ga madara tana isowa. Muka fara da damina. Shagon yana nan har yau.

Da kaka ta yi, aka saki kuɗin, na kai wa Baffa. Bayan kwana huɗu sai ga shi a shagon da kansa, shi da bai taɓa tako wurin ba, don ni ke zuwa gare shi. Ya ciro wani ƙullin leda daga aljihu ya ajiye a kan firij. Rasit ne na kowane buhu, har da na kuɗin dako, da canjin da ya rage. Mutumin da bai iya karatun boko ba, ya bi 'yan kasuwa ɗaya-ɗaya ya sa sun rubuta masa.

Na ce, "Haba Baffa, ai ba sai an yi haka ba."

Ya ce, "Ƙirga, Malam."

Ya tsaya a kaina har na ƙirga.