Injin da Aka Ba Ta Kyauta

Uwar Zargi ake ce mata, kuma tana amsawa. Ko gaishe ta ka yi da fara'a mai yawa, sai ta laluba jakarta ta ga ko tana nan. Shagon fotokwafi gare ta a bakin ƙofar kotu, ɗan tsukuku, benci ɗaya da fanka mai kuka. Da shi ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta. Yanzu injin ya tsufa, yana yi wa takardun mutane baƙin zane, abin da ta tara kuwa na inji ɗaya ne tak. In ta zaɓa ba daidai ba, shago ya rufe.

Ana haka ƙanin mijinta ya faɗo, ma'aikacin wani kamfani, mai turare kamar an yi ɓarinsa.

"Yaya, kakarki ta yanke saƙa. Ofishinmu sun sauya inji, na ce a bar miki tsohon. Ƙato ne, kyauta."

"Kyauta? Kai da ko biro ka ara sai an bi ka gida?"

"Ke dai ba a yi miki gwaninta."

Ta bi shi ta gani. Injin na hawa na uku, ya kusa kai girman saniya. Ta sa aka buɗe mata lambar da ke nuna yawan shafin da ya buga, ta ga ya ci duniya ya ƙoshi. Ta leƙa matattakala, ta dubi faɗin ƙofa, ta ce za ta yi shawara.

Shawara da wa? Mai sayar da sababbi ya ce kada ta taɓa tsoho, shi kuwa dole ya faɗi haka. Mai gyaranta ya ce ta karɓa da hannu biyu, har idonsa na ƙyalli. Ƙyallin nan ne bai kwanta mata ba.

"To, ɗan nan," ta ce wa mai gyaran, "mu yi ciniki. Yanka mini kuɗin shekara. Duk abin da ya lalace, kaya naka, aiki naka."

Ya fara sosa ƙeya. "Ai Inna, irin wannan kayansa sun yi wuya. Durom ɗinsa, wanda ke ɗora rubutu a takarda, sai an yi oda. Ga hitar da ke gasa rubutu..."

"Da sabo ne fa?"

Nan take ya faɗi farashi, ba ko inda-inda. Na tsohon da ta matsa masa, sai da ya ninka sau huɗu, yana kuma roƙon a cire durom daga ciki.

Daga nan ta bi sauran ɗaya-ɗaya. Hodar da ƙaton injin ke rubutu da ita, mutum ɗaya ke sayar da ita. Wutar da yake ja ta fi ƙarfin ɗan janaretonta, sai ta sayi babba, babba kuma ya sha mai. Ta kira mai sayen tsohon ƙarfe ta tambaye shi nawa zai ba ta ran da injin ya mutu. Ya ce rabinsa roba ce, ita za ta biya a fitar mata da shi. A nan ta gane abin da ya sa kamfani ya zama mai kyauta: sauko da shi daga hawa na uku ma kuɗi ne, kuma a wuyanta zai faɗa.

Ta haɗa komai na shekara biyar, kuɗin saye, hoda, mai, gyara da kwashewa, ta raba da shafukan da take bugawa. Na kyauta zai cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da take karɓa a kowane shafi. Sabon, har da kuɗin sayensa, bai kai rabi ba. Cikin sababbin ma ta tsallake mafi araha, don hodarsa 'yar mitsitsiya ce mai tsada, ta ɗauki na tsakiya.

"Kin watsa mini ƙasa a ido gaban manaja," in ji ƙanin miji.

"Nawa aka ce za a ba masu dako su sauko da shi?"

Ya dubi agogonsa, ya tuna yana da taro.

Maƙwabcinta mai shagon gefe shi ya kwashi garaɓasar. Kada ku ce nan da nan gaskiyarta ta fito. Shekarar farko injin ya yi ta zuba aiki kamar aljani, mutumin ya karya farashi, lauyoyi suka koma can. Uwar Zargi ta rame, tana ta sake lissafi, har ta fara zargin kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. A shekara ta biyu durom ya tafi, aka yi oda, aka jira, hita ta bi bayansa. Yanzu a kan injin yake ajiye butar shayi, don ya rasa kuɗin fitar da shi.

Lauyoyin sun dawo, suna ce mata dama aikinta ya fi tsafta. Takan ce ta gode, sannan ta karɓi kuɗinta kafin ta danna maɓalli.