Kalmar da Abokina Ya Zaɓa Mini

Lokacin da muke digiri na biyu a Samaru, abokin da muke ɗaki ɗaya ya ba ni babi na biyu na kundinsa in duba masa. A ciki ya ambaci wata maƙalata kan Hausar 'yan kasuwar Sabon Gari. Duk marubucin da ya kawo, sai ya ce ya nuna, ko ta tabbatar, alamar ya gamsu da hujjarsu. Da ya iso kaina, sai ya rubuta wai na yi iƙirari. Raina ya sosu, don mai faɗin haka tsame hannunsa yake yi daga maganar.

Na tare shi yana wanki, na ce, "Wato ba ka yarda da ni ba ke nan?"

Ya ce, "Haba mutumina, a shagon yayanka kaɗai ka yi hirar. In canza kalmar ta koma 'yana ganin'?"

Na ce to. Amma malaminmu ma a layi ɗaya kacal na kasuwar ya yi tasa hirar, kuma shi a babin an ce ya tabbatar. Tun ranar, in abokin nan ya yabi aikina, sai na sake auna kalmar da ya zaɓa.