Kaskon Ramalan Kuku

Maƙwabcina Ramalan ya ƙare ƙuruciyarsa yana kuku a gidan wani Bature a Kano. Bayan an samu 'yancin kai Baturen ya tattara ya koma ƙasarsu, shi kuma ya dawo Madachi da furfura da wani kasko mai mariƙi, cikinsa baƙi sumul, wai shi ne sabon yayi a Turai.

A zaure yake soya ƙwai da kansa, dattawa na kallo, ni ina jiyo su ta katanga. Mai ɗan ɗigo zai sa, ƙwan ya sulluɓo kamar an roƙe shi.

"Wannan baƙin shafe ne, bai fi ɓawon albasa kauri ba," in ji shi. "Ƙarfe na kankare shi, sai cokalin itace. Ba a ba shi harshen wuta, sai garwashi kaɗan, kuma kada a ɗora shi ba komai a ciki, ƙonewa yake. In ya huce a wanke da tsumma da sabulu. Ka kwara masa ruwan sanyi da zafinsa, ya lanƙwashe, shafen ya tashi."

Na ce, "Kawu, wannan kasko ne ko jaririn goye?"

Duk garin nan mun haddace karatun, ban da matarsa Ramlatu. Bai taɓa bari ta ɗauki kaskon ba. Ita kuwa ko a Rano an san tukwanenta, ƙyalli har ka ga haƙoranka.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ƙi tuwo, ya ƙi kunu, ya rame. Rannan ya ce ƙwai yake marmari. Ramlatu ta ciro kaskon daga ƙarƙashin gado, ta ga baƙi, ta ce, "Allah sarki, namiji da wanke-wanke!" Ta samu yashi da toka, ta dirje shi har ya yi fari tas. Ta hura wutar kara, ta fasa ƙwai. Ƙwai ya kama ƙasa ya ƙi tashi.

Da na shigo dubiya na gani, bakin nan nawa bai iya shiru ba, na gaya mata shafen ta kankare. Sai ga dattijuwa tana hawaye, ta ce da wane ido za ta dube shi.

Ta kankaro ƙwan, ta kai masa har da kaskon. Ramalan ya daɗe yana kallon fuskarsa a ciki.

"Ramlatu, wannan aikin hannunki ne?"

"Ni ce, Malam. Ban sani ba."

"Ina za ki sani? Na gaya wa kowa, na manta da ke. Miƙo min."

Ya cinye tas, har ƙanzon, ya ce a ƙaro.

Ya warke. Kaskon yanzu na Ramlatu ne, gyaɗa take soyawa a ciki, da yashinta. Kullum da hantsi yana gefen murhu yana jiran ta farko, wai shi mai duba wuta.