Matar da Ke Cikin Ruwa

Mai hoton layinmu ya tsufa, ya rufe shago, amma hotonsa guda ya ƙi hutawa. Ya ɗauke shi shekarar ambaliya: matarsa cikin ruwa har ƙugu, da keken ɗinkinta a ka. Ta rasu bayan nan.

Duk damina hoton yana dawowa cikin wayoyi, an yanke gefensa, an ce wata ƙasa ce, jiya-jiya.

Bana wata 'yar jarida ta saka hoton a manhajar binciken hotuna, ta tarar ya girmi labarin da shekaru. Kwafi mafi daɗewa yana ɗauke da sunan mai hoton, sai ta zo wurinsa.

"Baba, a ina aka ɗauka?"

Ya ciro na asali, ya nuna mata allon kantin maganin da aka yanke daga hoton, sannan ya nuna tsallaken titi. Allon yana nan, ya koɗe.

"Ki rubuta sunanta, 'yata. Sun kai ta ƙasashen da ban taɓa kai ta ba."

Ta rubuta. Kaɗan suka karanta. Da yamma ƙaninsa ya turo masa hoton, yana cewa a yi wa mutanen can addu'a. Ƙanin bai gane ta ba.