Mita biyar ɗin da ɗakin taro ya rasa

Baba Mai Kujeru ya yi shekara talatin da ɗaya yana jera kujeru a ɗakin taron makarantar, har mutane suka manta da sunansa na gaskiya. Gajere ne, ga faɗa kamar me. Ka matsar masa da kujera ɗaya daga sahu, wallahi sai ka ji tarihin rashin tarbiyyarka tun daga kakanka. Amma yana son ɗakin nan, so na gaske. Ya san tagar da ke maƙalewa idan an yi ruwa, ya san inda simintin ya tsage kusa da dandamali. A nan 'ya'yansa huɗu suka karɓi takardar kammala karatu, yana tsaye a bakin ƙofa yana share hawaye da hannun riga, wai ƙwaro ne ya faɗa masa a ido.

To, makaranta ta girma. Kwamitin iyaye suka yanke magana: idan ɗakin zai zaunar da baƙi ɗari uku, a gyara shi a bar shi. Idan ba zai zaunar ba, a rushe a gina sabo a filin bayan ajujuwa. Suka ce maganar Baba za su bi, tunda babu wanda ya kai shi sani.

Hedimasta, wani dogo wanda shi ma a ɗakin ya yi yarinta, ya same shi da safe riƙe da tef ɗin awo.

"Baba, mutum nawa yake ci?"

"Ɗari biyu da ashirin da huɗu, ranka ya daɗe."

"Haba Baba! Ko awo ba ka yi ba."

Baba ya yi tsaki, ya karɓi tef ɗin. Faɗin ɗakin mita goma sha biyu. A cire biyu na hanyar tsakiya, a cire ɗai-ɗai na hanyoyin jikin bango, saura takwas. Kowace kujera rabin mita take ci, sahu ɗaya kujera goma sha shida ke nan. Tsawo kuma mita ashirin. Dandamali da gabansa sun cinye huɗu, bakin ƙofa biyu, saura goma sha huɗu. Kowane sahu mita guda, daga bayan wannan kujera zuwa bayan ta gabanta. Sahu goma sha huɗu, sau goma sha shida.

"Ɗari uku kuwa sahu goma sha tara suke so," in ji Baba. "Tsawon mita ashirin da biyar. Muna da ashirin. Kuma bayan bangon nan titi ne, babu inda za a ƙara."

Hedimasta ya shiga zane a bayan wani ambulan na wasiƙa. Can ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"Mu matse sahun mana! A bai wa kowanne santimita saba'in. Sahu ashirin ke nan, kujera ɗari uku da ashirin. Baba, ɗakinka ya tsira. Ka ce musu ya isa kawai."

Baba ya ga lissafin daidai ne, kuma ransa ya so shi ƙwarai. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya jawo kujeru shida, ya yi sahu biyu, ya auna saba'in cif.

"Zauna a ta baya, ranka ya daɗe."

Hedimasta ya zauna, gwiwoyinsa suka daki bayan kujerar gaba, ƙwas! Ya karkace gefe guda yana murmushin yaƙe.

"Yawwa. Yanzu ni tsohuwa ce, ina can ciki, fitsari ya matse ni. Ba ni hanya in wuce."

Ina hanya? Sai da Hedimasta ya miƙe, kujerar gaba ta tuntsure, ta ja ta kusa da ita. Dariya ta kama su har Baba ya dafa bango. Da dariyar ta lafa, babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

"Kujera ka auna, ɗana, ka manta da gwiwa," in ji Baba a hankali. Bai taɓa ce masa ɗana ba sai ranar. "Idan wuta ta kama wata rana, ta ina mutum ɗari uku za su fita? Ni ba zan ce ya isa ba."

Haka ya maimaita a gaban kwamiti. Shugaban kwamitin ya sake tambayarsa har sau biyu, ko zai canza magana. Bai canza ba. Suka sa ranar rusau.

Ana gobe masu rusau za su zo, ya kwashe kujerun da kansa zuwa sito, ya hana kowa taya shi. Ya share ɗakin tas, har ƙarƙashin dandamali. Hedimasta ya leƙo da la'asar, ya tarar da kujera ɗaya tak a tsakiyar ɗakin, Baba na zaune a kai, hannuwa bisa gwiwa.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Ban taɓa zama a cikinsa ba, ka sani? Kullum a tsaye nake." Ya ɗaga kai yana duban rufin. "Ashe haka yake da kyau daga nan."