Kason Mama Hadijatu

Kowa a kasuwar Karshi ya san Mama Hadijatu mai doya, a bakin layin 'yan manja take zama. Bagwariya ce, ta yi takabar mijinta tun 'ya'yanta biyu, Kauthar da Lantana, suna firamare. Da doyar nan ta yi musu karatu har Kauthar ta zama nas, ta auri Fatihu, wani direba a Lugbe. Ba su samu haihuwa ba.

Daminar bara motar da Kauthar ta shiga ta faɗi a hanyar Gwagwalada. Da aka zo da labari, Mama ta ƙarasa ɗaure wa wata mata doyarta tukuna, sannan ta tashi. Ba ta yi kuka ba.

Abin da Kauthar ta bari gona ce a bayan gari. Bayan sadakar arba'in magana ta fara yawo. An ce wa Fatihu rabi nasa ne tunda babu ɗa. An ce wa Lantana ita ma rabi ne nata, tunda ita kaɗai ce shaƙiƙiya, uba kuma ya rasu.

"To ai ta ƙare ke nan," in ji Mama. "Rabi da rabi. Ku raba."

Lantana ce ta nace suka je wurin limamin unguwa. Ya tambaya ko akwai bashi ko wasiyya, aka ce babu. Ya zuba ƙwayar gyaɗa shida a kan tabarma.

"Miji rabi, uku ke nan. 'Yar'uwa rabi, uku. Uwa sulusi, biyu. Nawa aka samu?"

"Takwas," in ji Fatihu. "Allah gafarta Malam, ai shida ne a ƙasa."

Liman ya ƙara gyaɗa biyu. "Wannan shi ake kira auli. Ba a fitar da kowa, sai dai a ɗan rage kason kowa. Gonar za a kasa ta takwas. Kai uku, Lantana uku, Mama biyu."

Fatihu ya daɗe yana kallon tabarmar. Dama ya yi niyyar sayar da rabinsa ya canza mota.

"Shi ke nan," ya ce. "Mama, ki yafe min. Ban sani ba."

"Ni zan ci gadon Kauthar?" Mama ta tambayi liman, muryarta kamar mai tambayar kuɗin mota.

"Haka Allah ya yanka, Mama."

Ta gyaɗa kai.

Ranar Asabar aka ja igiya aka kafa turaku. Kason Mama ya faɗo ta gefen rafi. Fatihu bai sayar da nasa ba, ya bar wa Lantana tana nomawa suna raba amfani. Na Mama kuwa ciyawa ta rufe shi. Maƙwabcin gonar ya zo har sau biyu yana neman haya, ta ce ya dawo wata rana.