Littattafan da Na Ɗinke

Shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha ina koyar da Larabci a wata Islamiyya a Takur. Albashin mai tsoron Allah ne, ba ya yarda ya daɗe a aljihu. Abokan aikina kowa ya nemi abin haɗawa, wani yana bin gidajen ma'aikata yana koyar da yara bayan la'asar, wani mai kyawun hannu yana kwafar littattafai. Ni rubutuna ko ni sai na yi ijtihadi nake karanta shi, don haka na zaɓi sayarwa.

Na sayar da kekena, na tafi Kano, na cika kwali da ƙananan littattafan fikihu da nahawu, masu rawayar takarda. In ba su fita ba, na rasa keke na rasa jari. Da na buɗe su a gida sai na ga duk warwara ne, takardu a cikin bango ba ɗinki. A makarantar da na yi, littafi a ɗinke yake. Na ce wannan ha'incin 'yan ɗab'i ne. Na ari basilla da zare, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗinkewa.

Ranar kasuwar Kiyawa na shimfiɗa tabarma. Malaman zaure suna zuwa, su ɗauka, su juya, su ajiye, su yi mini addu'ar albarka. Har azahar addu'a kaɗai na tara.

Can wani dattijon malami daga wajen Miga ya tsuguna, ya ja zaren da farce.

"Malam ƙarami, wa ya yi wa wannan ɗaurin talala?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam. Don kada ya watse."

"To ai watsewar muke saya. Ɗalibaina manya ne, littafi ɗaya suke tarayya. Wannan yana babin alwala, wancan ya kai rabon gado. Kowa ya zari takardarsa ya tafi gona da ita. Yanzu sai su bi juna layi kamar masu jiran famfo?"

Na ce, "In na warware fa?"

"In ka warware, ramukan basillar kyauta ne ko da kuɗinsu?"

Na sayo reza a teburin maƙwabcina. Muka zauna ni da shi muna yanke zare, yana yi mini tambayoyin nahawu, rabi na amsa, rabi na ce rezar ta dakushe. Ya kwashi rabonsa, ya kira abokansa, kafin magariba kwalin ya yi sauƙin ɗauka.

Ragowar ɗinkakkun ban taɓa su ba. Matan aure na ajin Asabar da Lahadi a makarantarmu suka saye, domin a gidan da ke da yara da awaki warwara ba ta kwana. Da aka shigo shekarun shari'a azuzuwansu suka yawaita, har na kama ɗan shago. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo sai na fara tambayarsa mutum nawa ne za su karanta.